Tagar Ɗakin Umma

A wurin aiki Mahauciya suke kirana, kuma ban taɓa musa sunan ba. Masu zane su shafe wata guda suna ƙawata gunki ko bishiya, ni kuma in zo in datse ta. Ba mugunta ba ce. Duk abin da ka gani a cikin gem, wato wasan kwamfuta, daga dutse har fuskar mutum, da ƙananan alwatika aka haɗa shi, kuma sai na'ura ta zana su kaf sau sittin a cikin daƙiƙa ɗaya kafin motsi ya tafi sumul. In kayan suka yi mata nauyi sai hoto ya fara tsalle, mai wasa ya ja tsaki ya kashe.

Dabarata biyu ce. Kowane abu ina yi masa kwafi-kwafi: na kusa mai cikakken ado, na tsakiya da aka rage, sai na nesa wanda bai fi dunƙule ba. Na'ura tana duba girman abin a kan allo ta ɗauko wanda ya dace, ido ba ya lura. Ta biyun kuwa, duk abin da bango ko gini ya tare, ba a zana shi kwata-kwata. Da haka garin da muka gina, mai gida dubu uku, yake tafiya a kan ɗan akwatin wasan da mutane ke da shi a falo.

Yayana shi ne babban mai zanen gine-gine a kamfanin. Shi ya kawo ni, shi ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta. Teburinsa na can kusa da firij, kullum da kofin shayi da ya huce.

Saura kwana huɗu baƙi su zo daga kamfanin da zai fitar mana da wasan, sai mai gwajin wasan ta same ni da takarda a hannu.

"Mahauciya, kasuwarku ta cikin wasan na shaƙewa. In na tsaya bakin rijiya na juya hagu, daga sittin sai ya faɗo sha tara. In na ƙara taku biyu, ya koma daidai."

Manaja na tsaye bayanta. Watan jiya ya sallami mutum shida, tun daga nan ba wanda ke dariya da ƙarfi a ofis. Ya ce, "Ki nemo abin. In ya sake faruwa a gaban baƙi, mai shi zai bi sahun na watan jiya, ko wane ne."

Na shiga kasuwar, na tsaya bakin rijiya, na kunna ma'aunin da ke ƙirga abin da ake zanawa. Ina kallon gaba, alwatika miliyan uku. Na juya hagu, miliyan talatin da huɗu. Ba komai a hagun sai wani siririn lungu da wani gida a can ƙarshensa, nesa sosai. Na saki kyamarar cikin wasan ta tashi ta bi lungun. A saman gidan akwai taga, murfinta ɗaya a buɗe kaɗan, kamar faɗin tafin hannu. Na kutsa ciki.

Sai na saki linzamin.

Ɗakin Umma ne. Gadon ƙarfenta, da zanen gadon nan mai furanni da ya koɗe a tsakiya. Keken ɗinkinta da zare ja a allura. Tabaraunta a kan rediyo, da zaren da ta ɗaure ƙafarsa da ya karye. Har lotsawar da kanta ya yi wa filo tana nan. Shekara biyu da rasuwarta, shekara ɗaya da rushe gidan aka yi shaguna a wurin. Na tuna Yaya ya je da kyamara kafin a kwashe kayan, ya wuni yana ɗaukar hoto, muka ce zafin rashi ne. Ashe ɗaruruwan hotunan nan ya haɗa ya fitar da ɗakin sak.

Sai da na share hawaye sannan raina ya ɓaci. Don abin da Yaya ya yi, ɗalibin wata uku ba zai yi shi ba. Ya haɗe ɗakin gaba ɗaya ya zama abu guda, bai yi masa kwafin nesa ko ɗaya ba, ya kuma cire shi daga jerin da nake bi ina ragewa. Ita kuwa na'ura ba ta tsayawa leƙen me ke cikin abu. Akwati take zagaye shi da shi, ta tambaya: ana hango ko da gefen akwatin nan? In a'a, ta tsallake. In ana hango ko ɗigo ɗaya ne, sai ta ɗauko shi dukkansa. Daga bakin rijiya, ta tsagar tagar nan, ɗakin bai fi ɗigo huɗu a allo ba. Saboda ɗigo huɗu ake zana alwatika miliyan talatin da ɗaya.

Na same shi a matattakala lokacin hutun rana.

"Yaya, na ga ɗakin."

Bai ɗago ba. "To kin gani."

"Shi ke shaƙe kasuwa. Ka bari in rufe tagar, shi ke nan, ba wanda zai sani."

"A injina sittin yake yi, ko motsi ba ya yi."

"Injinka ya ninka akwatin wasan sau nawa? Haba Yaya, kai fa ka koya mini wannan!"

"Auta, ba za a rufe tagar nan ba."

Na san dalili. Umma ba ta son rufaffiyar taga, ko ruwa ake sai ta bar tsaga. Ranar da ta cika, ta yi ta cewa a kira mata shi. Yana nan ofis ɗin yana gina wannan kasuwar, wayarsa a kife, ana jiran aiki kafin yamma. Da ya iso har an rufe ta da mayafi, an ja tagogi.

Na ce, "To bari in yi masa kwafin nesa. Taga na buɗe, kowa ya huta."

Bai hana ni ba, na ɗauka yarda ce. Wuni biyu na yi ina rarraba ɗakin, ina rage shi da hannuna, ban bar wa injin ragewa ba. Na kira shi ya gani. Kwafin kusa lafiya lau. A na biyu zaren tabarau ya ɓace. A na uku filo ya zama sumul kamar sabulu, keken ɗinki ya koma baƙin dunƙule.

"Ina wurin kanta?" ya ce.

"Yana nan a na kusa. Daga rijiya ba idon da zai gan shi, wallahi ko naka."

"Daga nesa ke nan ba ita ba ce."

"Daga nesa ba kowa ba ne, Yaya! Ɗigo huɗu ne!"

Ya dube ni kamar ni na rushe gidan. Ya koma teburinsa ya mayar da nasa, ya goge nawa.

Ni ma ina da taurin kaina, gida ɗaya muka fito. Ranar Laraba da yamma, bayan ya tafi ɗauko yaransa daga makaranta, na tura murfin tagar na rufe. Murfin katako ne, yana tare gani kamar bango. Na tsaya bakin rijiya na juya hagu: sittin cif. Mai gwaji ta zagaya sau goma ta sa hannu. Na gaya wa Manaja wata 'yar tsaga ce a wani gini, na toshe. Ban faɗa wa Yaya ba. Wannan shi ne kuskurena, har gobe ina jin sa.

Alhamis da hantsi baƙi suka zo, su uku, aka zaunar da su a ɗakin taro gaban babban allo. Ƙarfe tara aka haɗa sabon kwafin wasan, kamar kullum, da duk gyaran da aka shigar kafin lokacin. Ban sake dubawa ba. Shugabar baƙin ta karɓi abin sarrafawa, ta shiga kasuwa, tana yaba rumfuna da hasken rana a kan tulunan. Ta isa rijiya. Ta juya hagu.

Hoton ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. Ta koma dama, ya daidaita. Ta juyo hagu, ya shaƙe. Sau uku ta yi haka, ta rubuta wani abu a littafinta. Na waiga. Yaya na tsaye a ƙofa, idonsa na kan ƙarshen lungun.

Bayan sun tafi Manaja ya kira mu biyu. Ya buɗe rajistar gyare-gyare, wadda ba ta mantuwa kuma ba ta sanin ɗan'uwa. Laraba biyar da rabi, ni: an rufe taga. Alhamis takwas da kwata, shi: an buɗe taga.

"Kin san da wannan?" Manaja ya tambaye ni.

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ba ta san zan buɗe ba. Ta gargaɗe ni, har gyara ta yi na goge. Ni ne."

"Me ke cikin ɗakin da ya kai haka?"

"Kayan gida ne," in ji shi.

Kafin la'asar ya gama haɗa kayansa a kwali. Shekara goma sha ɗaya, kwali ɗaya. Na bi shi har bakin lif.

"Yaya, don Allah me ya sa?"

"Na shigo da safe na ga an rufe ta," ya ce. "Hannuna ne kawai ya tafi." Ya gyara riƙon kwalin. "Kada ki gaya wa matata tukuna, ni zan faɗa mata."

Manaja ya ce in goge ɗakin kafin in tashi. Na zauna na buɗe shi. Da dabara zan iya barin sa a bayan rufaffiyar taga, amma ko ba a zana shi ba yana cin wuri a ƙwaƙwalwar akwatin, kuma yanzu idon kowa na kansa. Na kwafe shi a ɗan filashin ajiyar bayanai na sa a jaka. Sannan na shigar da kyamara ciki, na tsaya kusa da gadon, kusa sosai, inda ake ganin kowane zare. Na daɗe a haka. Ina jin haushin Yaya, ina jin tausayinsa, na kasa raba su.

Na danna maɓallin gogewa. Ma'aunin ya faɗo miliyan uku.

Wasan ya fita bayan wata takwas, baƙin sun ƙara mana zagayen gwaji biyu kafin su yarda. Yaya yanzu yana zana hotunan gidaje wa masu sayar da filaye. Filashin yana wurinsa, matarsa ta ce bai taɓa sa shi a inji ba. Muna gaisawa, muna zancen yara.

Mai gwaji ce ta lura da wani abu, ta zo ta same ni a hankali. Ta ce tagar ƙarshen lungu a buɗe take a wasan da aka fitar, ko mantuwa na yi? Na ce ta bar ta haka, ba ta cin komai. Ba abin da za a zana a bayanta.