Gwaji Na Biyu

Ungozoma ta dubi mai cikin, ta ce, "Rukunin jininki nagetib ne, na maigidanki fozitib. Cikin fari ne?"

Uwar mijin, da ta rako ta, ta riga ta amsawa. "Na fari mana."

Ungozoma ta aiki uwar mijin ta karɓo magani, ta tura ƙofa.

Mai cikin ta sunkuyar da kai. "Na taɓa ɓari, Anti. Ba a yi mini allurar kariya ba. Inna ba ta sani ba."

"Saboda irin haka ne muka ƙara gwaji, mu ga ko jininki ya fara yaƙar irin na jaririn. In ya fara, allurar ba ta da amfani, sai sa ido." Ta duba sakamakon. "Bai fara ba. Za a yi miki allurar a wata bakwai."

Aka ƙwanƙwasa.

"Share hawayenki, Inna ta dawo."