Takardun Bakin Ƙofa

Yara arba'in da biyu suka fita hutun tara, kowa ya ajiye 'yar takardarsa a kwalin da ke bakin ƙofa. Malamar kimiyya ta kwashe su, ta zauna a teburin baya tana rarrabawa. Ɗalibin malamin da aka turo mata koyon aiki yana goge allo yana murmushi. Yau ce ranarsa ta ƙarshe, sa hannunta kaɗai ya rage a fom ɗinsa. In babu shi, sai ya sake yin wani mako shidan.

"Malama, kin ji yadda suka amsa? Na ce kun gane, ajin har girgiza ya yi."

"Na ji. Ko gobara ka ce musu haka za su amsa. Zo nan."

Tambaya biyu ta ba su minti biyar kafin ƙararrawa. Ta farko: me shuka take buƙata don haɗa abincinta? Duk sun rubuto hasken rana, ruwa da iskar da ganye ke sha, yadda yake a allo. Ta biyu: an sa shuka a ɗaki mai duhu, ana ba ta ruwa da taki, za ta rayu? Me ya sa?

Ta tura masa babban tarin. "Talatin da biyar. Wai za ta yi ƙiba, tunda tana cin taki."

Fuskarsa ta canza. "Wannan ai tarko ne! Ba ta cikin abin da na rubuta musu."

"Shi ya sa na yi ta. Wadda ke allo ko aku ya amsa."

"Haba Malama! Mako shida ina share miki aji, ina yi miki makin littattafai, sai yau za ki tozarta ni da guntayen takardu?"

"Rage murya, ɗana. To kai amsa min."

"Za ta ɗan yi rauni, amma ba za ta mutu ba. Taki ai abincin shuka ne, kowane manomi ya sani."

Ta ajiye biro. Ba haushinsa kaɗai take ji ba, har da na kanta. Mako shida tana zaune a bayan ajin nan tana duba tsaftar rubutunsa, ba ta taɓa tambayarsa komai ba.

"Taki gishirin ƙasa ne, taimako yake yi. Abincin a ganye ake haɗa shi, kuma sai da haske. A duhu za ta ɗashe, ta zuƙe, ta mutu. Abin da ke kanka ka zuba musu."

Ya miƙo fom ɗin. "Don Allah, Malama. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa dangi na gama."

"Ba zan sa ba. Zan roƙi shugaban makaranta ya nema maka ƙarin mako guda. Ka sake darasin, in sake tambaya. In an hana, an hana."

Ya fizge fom ɗin ya fice, ƙofar ta daki bango.

Ta ɗaga murya ta taga: "Litinin, ƙarfe bakwai da rabi! Ni za ka fara koya wa!"

Bai waiwayo ba.