Layin da Ya Tayar da Haruna Tela

Ashiru ya yi suna a Tarauni wajen sa wa fim rubutun ƙasa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kwamfuta ɗaya da fanka, amma masu fim sun san shi da tsantseni. Layi biyu ne iyakarsa, kowane layi ba ya bari ya wuce harafi arba'in da 'yan kai. Rubutu ya fito da buɗe bakin mai magana, ya ɗan jima yadda mai karatu a hankali zai gama, sannan ya ɓace. Da wannan yake taƙama.

Wata Litinin Ogechi ta shigo da bidiyo a waya. Nas ce, haihuwar Gyaɗi-Gyaɗi, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Mahaifinta Ozoemena ya yi rabin rayuwarsa yana gyaran firji a unguwar, shagonsa jikin na Malam Haruna tela. Tsakaninsu akwai darbejiya, a ƙarƙashinta suke cin abincin rana. Ranar da aka wayi gari an sare ta, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa, har Ozoemena ya koma garinsu ba su yi sallama ba. Can ɓarin jikinsa ya shanye, Hausar da Turancin suka zube masa, sai Ibo ya rage a bakinsa, shi ma da ƙyar.

An ɗauki bidiyon ne a tsakar gidansa. Fada, limamin coci, na addu'a da Turanci, Regina matar Ozoemena na sa baki da Turancin buroka, tsohon na magana da Ibo. Gaisuwa ce ga mutanen Gyaɗi-Gyaɗi, amma Ogechi ta ce kada Ashiru ya ruɗe, duk don mutum ɗaya aka yi ta.

Suka zauna aiki. Ita tana fassara Ibon, shi yana bin zanen murya a kwamfuta yana sa alamar inda magana ta fara da inda ta tsaya. Addu'ar Fada ta ba shi wahala, don Hausarta ta fi Turancin tsawo, sai da ya rage kalmomi kafin ta shiga layi. Ogechi ta roƙe shi abu ɗaya: ya rage na kowa, amma maganar Baba ya bar ta yadda ta fito, daki-daki. Ashiru ya ce ai tsohon a hankali yake magana, wuri ya isa.

A tsakiyar bidiyon Ozoemena ya kalli kyamara ya ce Haruna mugun mutum ne. Sai tari ya sarƙe shi. Mai ɗauka ya juya kan Regina tana miƙa masa kofi tana cewa ya sha ruwa. Da aka dawo kansa ya ƙarasa: haka ya riƙa gaya wa mutane, alhali shi Ozoemena da kansa ya sa aka sare bishiyar, don saiwarta na fasa masa daɓe. Yana faɗa yana dukan ƙirjinsa da hannun mai lafiya.

Ashiru ya bi murya sak. Rabin farko ya tsaya shi kaɗai, maganar Regina ta biyo baya, sannan ƙarashen. Ya kalla ya sake kallo, bai ga aibu ba. Ina zai gani, tunda shi da Ogechi duk sun san abin da ke tafe.

Aka nuna bidiyon bayan la'asar a falon Ogechi, mutanen unguwa sun taru. Uwani, matar Malam Haruna, ita ta lallaɓo shi ya zo. Ya zauna gaba, tabarau a kan hanci, yana bin rubutun da leɓɓansa, don bokonsa na yaƙi da jahilci ne. Har ya yi murmushi da Ozoemena ya ambaci mai ƙosan bakin layi. Sai layin ya fito, fari tas, ya tsaya a ƙarƙashin fuskar abokinsa, ya ba shi isasshen lokaci ya karanta shi har ƙarshe: Haruna mugun mutum ne.

Ya cire tabarau ya miƙe. Lokacin da ƙarashen ya fito, yana bakin ƙofa yana neman takalminsa.

"Baba, don Allah ka tsaya, bai gama ba," in ji Ogechi.

"Ni na gama, 'yata. Kin tara min mutane ne a karanta min?"

Washegari Ashiru ya gyara, kuma gyaran bai ɗauke shi komai ba. Ya juya jimlar, ya sa a farko: Na riƙa ce wa mutane Haruna mugu ne, da ɗigo uku a ƙarshe don a san da saura. Ma'ana ɗaya, lokaci ɗaya, tsawon ma bai kai iyaka ba. Abin da yake yi kullum ne in yana juya Hausa zuwa Turanci. A ranar farko ne kawai ya manta cewa mai karatu ba shi da komai sai abin da ke gabansa.

Da kansa ya kai wa tela gyaran har shago. Malam Haruna bai ɗago daga keken ɗinki ba. Ya ce shi ba ya jin Ibo, rubutu kawai yake da shi, kuma rubutun da ya ce wani abu jiya ya ce wani yau, wanne zai ɗauka? Ya tambaye shi ko nawa ne kuɗin na uku, wanda zai ce shi waliyyi ne. Masu jiran ɗinki suka yi dariya. Uwani ta yi magana a gida, Ogechi ta kawo wani Ibo mai sayar da taya ya shaida, tela ya ce duk bakinsu ɗaya. Can kuma Ozoemena kullum sai ya sa Regina ta bugo ta tambaya ko tela ya gani. Ogechi ta riƙa cewa an kusa.

Damina na ƙarewa Ozoemena ya rasu.

Bayan an dawo daga jana'iza, wata safiya Ashiru ya ga Malam Haruna tsaye a ƙofar shagonsa. Suka gaisa, ya ba shi kujera. Tsohon ya ce a sa masa bidiyon, amma a cire rubutun gaba ɗaya. Ashiru ya kashe shi. Suka kalli Fada, suka kalli tarin, suka kalli kofin ruwan. Sai Ozoemena ya ɗago, ya yi ta Ibonsa, a tsakiya kalma ɗaya ta fito da Hausa, darbejiya, hannunsa na dukan ƙirji.

Malam Haruna ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ce a sake.

"Haka yake yi in ya lalata firjin mutane," ya ce. "Ba ya iya cewa ni ne, sai dai ya daki nan."

Ashiru ya fara ba shi haƙuri, yana bayanin yadda ya raba layin. Tsohon ya ɗaga masa hannu, ya ce da shi ma ya ƙara zama kaɗan a falon Ogechi da ba a kai ga haka ba, kowa ya riƙe nasa. Sannan ya ce yanzu a mayar da rubutun, na biyun, a tsayar masa da kowane layi har sai ya ce a wuce.

Ashiru ya ɗora yatsa a kan maɓallin tsayarwa, suka faro daga farko.