Sanarwar Gado Makaho

"Ba za a ce makaho a rediyo ba," in ji Abdurrahamane, jami'in wata ƙungiyar agaji, yana gyara gilashi. "Mutum mai lalurar gani. Mutum farko, lalura baya. Haka aka koya mana a formasiyo."

Gawar maƙwabcina Gado na kwance a ɗaki, ko wanka ba a yi mata ba, shi kuwa wannan ɗan tahaliki ya tsaya a zaure yana mana lacca. Ya taɓa kai Gado taronsu na otal, ya ɗauke shi hoto da sanda. Shi ke nan ya zama uban gawa.

Gado igiya yake tuƙawa a Tasawa, kuma shi makafin Kona da Kanan-Bakashe suka ɗauka babba. Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa kunu, ya riƙe hannuna.

"Sabiru, in mutuwa ta zo, ka ce Gado Makaho a sanarwa. Lalura ita ce wagga da ke cikina. Makanta kau da ita aka haife ni, da ita na yi aure, da ita na samu jama'a. Kar a ɓoye min ita kamar abin kunya."

Na faɗa wa Abdurrahamane haka. Ya yi murmushin nan na masu ganin kowa jahili ne, ya juya ga Mardiya mai ɗinki, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, tana kan kekenta a bakin ƙofa.

"Madam, ke ce kika hana a ce miki gurguwa. Gaya musu."

"Na hana," ta ce. "Don in an ce gurguwa, ƙafata aka gani, ba a ga ɗinkina ba. Ni Mardiya ce, mai naƙasa in ya zama dole. Wannan nawa ne. Gado bai taɓa kirana da abin da ban so ba, don ya tambaye ni. Kai ka taɓa tambayar shi?"

"Ai ƙa'ida..."

"Ƙa'idar ita ce tambaya. Mai suna ya faɗi nashi."

Ya ce to ba da yawunsa ba, kamar wani ya roƙi yawun. Ya buga babur ya tafi, ko jana'iza bai tsaya ba, kuma wallahi ban yi kewarsa ba. Ni na je gidan rediyo na faɗi abin da aka ba ni amana.

Washegari da hantsi makafi suka iso gaisuwa daga ƙauyuka, kowa hannunsa a kafaɗar na gaba. Na gaban ya laluba bangon zaure.

"Nan ne gidan Gado Makaho?"

"Nan ne," in ji Mardiya. "Ku shigo."

Suka jingina sandunansu a bango, kusa da ta Gado, inda ragowar igiyar da bai gama tuƙawa ba take rataye.