Sunan Gola a Bayan Riga

Da ƙungiyar tsofaffin 'yan ƙwallon unguwa ta yanke shawarar ɗinka sababbin riguna, Sakatare ne ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce a bar masa zancen sunaye. Mai buga riguna abu ɗaya ya roƙa: a turo masa sunayen a kwamfuta cikin kolom biyu, wato layi biyu a tsaye, sunan yanka daban don a buga shi ƙanana a ƙirji, sunan uba daban don a buga shi manya a baya. Sakatare ya ce wannan ai kafin shayinsa ya huce ya gama.

Shayin ya huce, an sake ɗumama shi, ya sake hucewa.

Yana zaune a falo da kwamfutar matarsa a cinya, tabarau ya zamo kan hanci. Sunayen da 'yan ƙungiya suka turo duk suna cunkushe a kolom ɗaya, kusa da su kuma kolom ɗin girman rigar kowa. Ya nemo abin nan da ke yanka rubutu duk inda ya ga tazara, ya danna. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya yarda ta rubuta a kan abin da ke gefe. Shi kuwa tun da yake bai taɓa karanta tambayar kwamfuta ba, ya ce ya yarda. Nan take girman riguna ya ɓace, guntayen sunaye suka haye wurinsa.

Matarsa akanta ce a wani kamfanin sufuri. Tana wucewa da kwandon wanki ta leƙo, ta miƙa hannu ta bayan kafaɗarsa ta danna maɓallai biyu, komai ya dawo yadda yake.

"Ka buɗe musu kolom babu komai tukuna, maigida. In ba ka ba su fili ba, kan maƙwabta suke zama."

"Na sani. Gwadawa nake."

Ya buɗe fili ya sake yankawa. Abin da ya fito sai wanda ya gani. Mutum biyar sunan yankansu Injiniya, alhali biyu daga cikinsu ko fanka ba su iya gyarawa. Wanda ya rubuta Abdul Wahab Sambo ya tsage gida uku, Wahab ya zama ubansa, Sambo ya faɗa kolom na uku. Wanda ya rubuta "Zailani, Ado" ya fito a juye, ga waƙafi manne da shi. Wani ya buga tazara biyu a tsakani, kolom ɗin ubansa ya fito wayam. Wani kuma ya turo suna ɗaya tak, kamar daga sama ya faɗo.

Uwargida ta ajiye kwandon ta ja kujera. Ta sa shi ya share tazarar da ta yi yawa, ya cire muƙamai, ya ware masu waƙafi ya juya su, sauran kuma a ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan uba, duk abin da ya rage ya zama sunan yanka. Abdul Wahab ya haɗe, Sambo ya koma mazauninsa.

"To saura masu sa sunan uba a gaba ba waƙafi, irin na katin ofis," in ji ta. "Waɗannan kam, kwamfuta ba 'yar duba ba ce. Amma ai mutanenka ne, kai ka san su."

Sakatare ya bi sunayen da ido daga sama har ƙasa. Wallahi ban da nasa babu wanda zai iya rantsewa a kai. Tun suna samari suke buga ƙwallo tare, amma shi Dogo ya sani, da Tanka, da Bulala, da Ƙafar Hagu. A fili ba a kiran mutum da sunan da uwarsa ta sani.

Dabara ta zo masa. Ya tura saƙo a zauren ƙungiya na waya cewa dokar mai buga riguna ce kowa ya sake tabbatar da sunansa da na ubansa. Aka yi ta gunaguni, amma aka turo, har mai suna ɗaya ya tuna yana da uba. Layi biyu suka rage: Tanimu Lawandi da Ladan Habu. Mutum biyu ne ba su da babbar waya, alƙalin wasansu da Gola, mai tsaron ragarsu.

Gola kuwa amininsa ne. Shi ya goya shi zuwa asibiti ranar da ya karye a fili, shi ya yi masa babban aboki ranar aurensa. A ce yau Sakatare bai san ko Gola Tanimu ne ko Ladan ba, balle wanne ne uban! Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Ya gwammace riguna su ƙone da Gola ya gane.

Da safe ya nufi shagon tayoyin Gola da niyyar satar amsa. Allon shago ya ce Gola Taya. Ya sayi bawul ɗin tayar da ba ya buƙata don a ba shi rasit, rasit ya ce Gola Taya. Ya yi ta jan lokaci har matar Gola ta kawo abincin rana, Sakatare ya kasa kunne, ta ce, "Gola, ga shi nan, kar ya huce." Sakatare ya ce wa Gola yana son ganin lasisin tuƙinsa don ya ga ko hoton ya yi kyau, Gola ya ce hoton ya fi kama da ɓarawon awaki, ba mai ganinsa.

Da ya rasa tudun dafawa sai ya juya baya kamar yana duba tayoyi, ya yi tari ya ce, "Ladan," ƙasa-ƙasa. Gola ya ci gaba da aikinsa. Ya sake tari ya ce, "Lawandi." Gola ya ajiye ƙarfen cire taya.

"Kai, lafiyarka kuwa? Tun ɗazu kake tari da sunayen mutane."

Sakatare ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ciro takardar da ya kwafe sunayen nan biyu ya miƙa masa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Abokina, ka yafe ni. Wanne ne kai a nan?"

Gola ya goge hannu a wando, ya nisanta takardar da idonsa ya daɗe yana kallo. Sakatare ya jira zagi, don ya san ya ci a zage shi.

"Na sama. 'Yata ce ta rubuta, ta sa na baba a gaba. Tanimu shi ne tsoho, Allah Ya jiƙansa. Ni ne Lawandi." Ya ninke takardar. "Rabon da a kira ni da shi tun rasuwar innata. Sake faɗa in ji, ban da tarin."

Sakatare ya gyara murya ya faɗa.

Gola ya juya ya daɗe yana gyara zaman wata taya da ba abin da ya same ta. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Bai yi daɗi a bakinka ba, ci gaba da Gola." Ya ja hanci, ya ɗauki ƙarfensa. "Af, tunda an zo wurin, kai wa aka raɗa maka? A ɗaurin aurenka na so in ji, lasifika ta lalace."