Gireda a Shafi na Huɗu

Malam Bitrus Kazah yana da ɗan hali guda: ba ya iya barin shafi fili. Tun da masaƙar Kakuri ta sallame shi yake rubuta wa 'yan kwangila kundin tallata kamfani.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani ɗan kwangila, Oga Terkula, ya zo masa. Ƙaramar hukuma za ta ba da aikin hanya, kuma ya yi alkawarin idan ya samu, Bitrus ne sakataren kamfani, da albashi duk wata.

Takardar rajista akwai, ta haraji akwai. Suka iso shafin kayan aiki.

"Me kake da shi, Oga?"

"Baro biyu. Shebur kuwa, sai dai ka gaji da ƙirga."

"Da shebur za ka yi hanyar Rido?"

"Kai ne marubuci, Malam."

Bitrus ya tuna da wata gireda, motar baje hanya, da ke fake a garejin Kudenda. Aka wanke ta, Oga ya sa hular kwano ya dafa tayarta, mai hoto ya ɗauka. Ta cika shafi na huɗu.

Ranar tantancewa, injiniyan ƙaramar hukuma ya daɗe a kan shafin nan.

"Oga Terkula, tana aiki kuwa?"

"Ko jiya ta fita, ranka ya daɗe."

Injiniya ya rufe kundin a hankali, ya ce a kira na gaba. Giredar ta ƙaramar hukumar ce, shekara shida ke nan da ya kai ta gyara da kansa.