Ɗauka Ɗaya Daga Bayan Kafaɗar Malam

Wata biyu da suka wuce Maimunat ta rubuta takardar. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamaren Ƙofar Kware ce ta ba ta aikin: a ɗauki Malam Tambari a bidiyo yana yi wa 'yan aji shida jawabin ƙarfafa gwiwa kafin jarrabawarsu, a ajiye don 'yan baya. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a makarantar, ita ma shi ya koya mata karatu.

A saman takardar ta rubuta abin da zai yi. Malam ya shigo da sallama, ya rubuta kwanan wata a allo, ya ratsa tsakanin bencina yana magana. A ƙasa kuma ta tsara wa kyamara aikinta. Ɗauka ta farko daga bayan aji, a ga kowa. Ta biyu kusa da Malam, daga ƙirji zuwa hula. Ta uku fuskokin yara suna saurare. Kyamara ɗaya ce da su, saboda haka sai ya maimaita jawabin sau uku, daga baya a yayyanka a haɗa kamar lokaci guda aka yi.

Malamin da ta sani ta rubuta wa takardar. Bayan nan ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi.

Ranar Talata da hantsi keke napep ya aje shi a bakin ajin. Da sanda ya shigo, yana jan ƙafar hagu, bakinsa ya karkace gefe guda. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Aka kawo kujera gaban allo ya zauna, ya daɗe yana mayar da numfashi.

Maimunat ta durƙusa. "Malam, an zo lahiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, ɗiyata. Kawo takardar taki in gani."

Ya kai ta kusa da ido ya karanta a hankali. Da ya iso ƙasa sai ya girgiza kai. "Sau ukku? Maimuna, guda ɗai ma sai Allah ya taimaka."

Sirajo mai kyamara, wanda aikinsa ɗaukar bukukuwa ne, yana can yana kafa ƙafafun kyamara. "To Hajiya darakta, abu mai sauƙi ne. Mu ɗauki ta kusa, huskar Malam, tunda ita ƙungiya ka so. In ya tahi gida sai in ce ma yaran ga su kalli allo su riƙa kaɗa kai. Haka kowa ka yi."

"Su kaɗa ma allo kai?" in ji Malam. "Mi allon ya hwaɗa musu?"

Yara suka yi dariya. Maimunat ba ta yi ba, amma ba ta musa wa Sirajo ba, don abin da ya faɗa haka ake yi. Ta kashe fanka saboda ƙararta kada ta shiga sauti. Sirajo ya maƙala ƙaramin makirfo a wuyan rigar Malam, ya sa wayar da ke naɗar murya a aljihunsa, ya dasa kyamara taku uku a gabansa. Ya tafa hannu sau ɗaya, don a gane wurin da sauti da hoto suka haɗu, ya ce bisimilla.

"'Ya'yana," Malam ya fara. "Ni da kuka gani..."

Ya tsaya. Ƙaramin gilashin kyamara ya juyo wajensa, Sirajo ya manta bai mayar da shi ba. Malam ya ga bakinsa yana motsi a ciki, gefe ɗaya yana bi, ɗayan ya ƙi. Ya ɗaga hannun dama ya rufe bakin. Sirajo ya yi sauri ya juya gilashin, amma an riga an gani. Aka sake tafawa. Malam ya ce "'ya'yana," ya dubi idon kyamara, hannun ya koma inda yake.

"A kira mani mai keke," ya ce a hankali. "Ku yi haƙuri. Ba haka nika son a tuna da ni ba."

Maimunat ta san idan ya fita ƙofar nan yau, ba zai ƙara shiga aji ba, kuma muryar da ta koya mata karatu ba za a ajiye ta ko'ina ba. Ita kuwa tun tana ƙarama magana a gaban mutane ke ba ta wuya. Ta dubi takardarta, ta dubi bencin ƙarshe na kusa da ƙofa, inda ta zauna shekara biyu ba ta ɗaga hannu ba.

Ta ciro biro ta soke ɗauka ta farko da ta biyu.

"Sirajo, ɗauke kyamarar. Kai ta bayan Malam, ga kahwaɗatai ta dama."

"Bayanai? Ƙeya za mu kai ma ƙungiya?"

"Tagogi na hagu, haske zai sauka ga yaran, ba za mu kalli taga ba. A ga kahwaɗatai da hula gefe, amma yaran za ka fiddo sarai."

"In anka yi haka babu abin yankawa, kin sani. Ko tari ya yi yana ciki."

"Shi tsaya ciki."

"Kuma shugaban ƙungiya in ya ce ina huska?"

Ta dube shi. "Ni zan amsa."

Ta koma ta durƙusa gaban Malam. "Malam, ba kowa gabanka yanzu sai ɗiyanka. Sau guda. In ka gaji ka tsaya, ba mai cewa a sake."

Ya dube ta. Sannan ya sauke hannun, ya ɗora shi kan sanda. Sirajo ya kai kyamara bayan Malam, ya tafa.

"Ku na baya nika ma magana," Malam ya ce. Kalmomin na fitowa da nauyi, wasu a tauye. "Na gaba sun san kansu. Ni daga Kwalkwalawa anka kawo ni birni. Aji huɗu sau biyu niy yi shi, ban iya haɗa baƙi ba. Can nika zama, bakin ƙohwa, don in an tashi in riga kowa gudu. Malaminmu bai buge ni ba. Layi guda ɗai yaka ba ni kullum. Layi guda, in karanta mai kahin in tahi gida."

Ya tsaya ya share gefen baki. Kyamara na tafiya, ba wanda ya motsa.

"Yanzu kun ji yadda bakina ya koma. Likita ya ce in riƙa karatu da ƙarhi don halshe shi saki. Kun san nawa nika yi kullum? Layi guda. Na koma aji huɗu da hurhura. To in ni ban ji kunyar komawa ba, kai na baya, ke ta baya, kada kunya ta hidda ku makaranta."

Minti shida ya yi. Da ya yi addu'a yara suka shafa, Maimunat ta ƙirga goma a zuciyarta kafin ta taɓa kafaɗar Sirajo ya kashe.

Malam ya ce a nuna masa. Sirajo ya cire kyamarar ya riƙe masa ita kusa. A gefen hoton ga hularsa da kafaɗarsa a dushe, ga yara layi layi cikin haske. Ya yi ta kallo har aka zo wurin layi guda. Sai ya sa yatsa a gilashin.

"Tsaya nan. Wacce ta wagga, ta bakin ƙohwa?"

Wata yarinya ce mai hijabin da ya fi ƙarfinta. Ta daina wasa da biro, ta miƙo wuya, bakinta a ɗan buɗe.

"Daga nan idona bai kai can," ya ce. "Maimuna, kira mani ita. Ta taho da littahinta."

Maimunat ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ratsa tsakanin bencina zuwa baya.